Wasiƙar da Ba Ta Roƙi Komai Ba

Kawuna, wan mahaifiyata, maginin rijiya ne, mutumin Kwalkwalawa. Gajere ne kakkaura, magana ba ta dame shi ba, kuma abu ɗaya tak yake taƙama da shi a duniya: tun ranar da ya fara shiga rami, rijiyarsa ba ta taɓa ruftawa ba. Ba shi da shanu, gonar shinkafarsa kuwa ba ta kai a yi zancenta ba. Wannan sunan shi ne jarinsa. Saboda shi ake aiko masa daga garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba.

Ni kuma a shekarar da aka ba mu mulkin kai ina aikin magatakarda a wani ɗan kwamitin rijiyoyi a cikin birnin Sakkwato. Wata gidauniya ce ta can Ingila ta ba da kuɗi a gina rijiyoyin siminti a unguwannin bakin gari. Ofishinmu shigifar shugaban kwamitin ce a Ƙofar Marke: tebur ɗaya, tafireta, akwatin ƙarfe, sai tabarmi. Shugaban wani Alhaji ne mai fataucin hatsi, aminin mahaifina, don haka Baba nake ce masa. Na ukunmu Ma'aji ne, tsohon malamin baitulmali da ya yi ritaya, siriri mai tabarau, wanda ko ruwan sha ka roƙe shi sai ka ga kamar zai tambaye ka takarda.

Kuɗin gidauniya ba a dunƙule suke zuwa ba. Akwai takardar kasafi, kowane abu da layinsa: layin siminti da ƙarfe, layin ladan magina, layin dako, layin albashin Baturen da ke duba aikin. A cikin yarjejeniyar da Alhaji da Ma'aji suka sa wa hannu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a ɗebo daga wani layi a zuba a wani sai gidauniya ta yarda a rubuce, kuma kafin a kashe, ba bayan an kashe ba. Wanda ya kashe ba da izni ba, a wuyansa.

Aiki ya yi ta tafiya lafiya har aka zo rijiyar ƙarshe, ta Gidan Dare. A lokacin Gidan Dare bayan gari ce sosai, matan can kuwa sun sha wuyar ruwa. Sai abu biyu suka haɗu. Rijiyoyin baya sun yi zurfin da ba a zata ba, suka cinye siminti fiye da kasonsu, ga shi kuma ya yi tsada a kanti, layin siminti ya zo gargara. Baturen kuma, da ya ga tutarsu ta kusa sauka, ya tattara ya koma gida tun da sanyi, ba a kawo wani ba. Albashinsa na sauran watanni yana kwance a banki ba mai taɓa shi. Ga kuɗi ga buƙata, asusu ɗaya, amma kowa da layinsa.

Ma'aji ya ce a rubuta wa gidauniya a nemi izni. Na zauna na tsara wasiƙa da Turanci yadda aka koya mana a makarantar Midil, gajera, na ce muna roƙon a yarda mu ɗauki kaza daga layin albashi mu mai da shi layin siminti. Sannan na fassara wa Alhaji, don shi ba ya jin Turanci, da ajami ma yake sa hannu.

Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga mini hannu.

"Kai, tsaya. Wa yar rene ka?"

Na ce, "Baba, me na yi?"

"Mutum shi ba ka kyauta, ka koma ka ce mai bai iya rabo ba? Ka ce mai ga inda ya kamata shi sa kuɗinai? Subhanallahi! Wanga ba roƙo ba ne, rashin kunya ne."

Ya gyara zama ya yi mini karatu. Ya ce wanda ya riga ya yi maka alheri ba a komawa a buɗe baki a ce masa ba ni. Ana gaishe shi, a gode masa, a ba shi labarin halin da ake ciki, sai a tashi. In mai hankali ne, shi da kansa zai gane, ya yi abin da ya dace, ya sami ladan, kai kuma ka tsira da mutuncinka. Ya ce shi bai taɓa roƙon kowa komai ba a garin nan, kuma bai taɓa rasa abin da ya je nema ba.

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na sha ganin haka da idona. Mutum ya shigo shigifar nan ya yi gaisuwa, ya ce bana gero ya yi wuya a gidansu, ya yi sallama. Kafin la'asar jaki ya tsaya a ƙofar gidan mutumin da taikin gero. Haka garin yake tafiya, kuma yana tafiya daidai. Amma na ce masa, "Baba, waɗannan mutanen ba su san mu ba. Abin da ba a rubuta ba, ba su gani."

Ya ce, "Mutanen da sunka aiko da kuɗi daga bayan teku don matan da ba su taɓa gani ba su sha ruwa, su za ka ce ba su da hankali?"

Na dubi Ma'aji ko zai taimake ni. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Shi aikinsa hana kuɗi fita ne, jayayya da shugaba ba ta cikin aikinsa.

Haka Alhaji ya yi ta faɗa ina juyawa da Turanci. Wasiƙa ta yi shafi biyu. Mun gaishe su, mun gaida iyalinsu. Mun lissafa rijiyoyin da aka gama da irin addu'ar da mata ke yi musu. Mun ce muna kewar Baturenmu, wurinsa yana nan ba kowa tun da ya tafi. Can ƙasa muka ce rijiyar Gidan Dare ce ta rage, siminti kuwa bana ya yi wuya ƙwarai, amma Allah shi ne mai buɗi. Alhaji ya ce in sake karanta masa wurin, ya yi murmushi, ya ce, "To, mi ya rage? Ga albashi kwance, ga siminti babu. Ko yaro ya gane."

An sha tambayata me ya hana in buga abin da nake so, tun da ba ya jin Turanci. Ba a yin haka. Ba a sa dattijo ya sa hannu a kan maganar da bai faɗa ba. Na buga abin da ya ce, na kai gidan waya, ta bi jirgin sama.

Kawu kuwa ba zai iya jira ba. Rijiya da bazara ake kai ta ruwa, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya iyakar ja. In ka same shi a lokacin, ka same shi har abada. Ya zo ya tambayi Alhaji, Alhaji ya ce, "Gina, siminti na tahe." Kuɗin lada kuwa akwai su a layinsu. Da ɗan simintin da ya rage aka ɗaure bakin rijiyar da 'yan gaɓoɓin sama, sannan Kawu da mutanensa suka ci gaba da nutsawa. Suka wuce jar ƙasa, suka wuce marmara, suka faɗa rairayi fari mai laushi. Nan ne wurin da ya fi kowane wuri son siminti, nan ne kuma ba mu da ko buhu.

Amsa ta zo bayan azumi. Kai, ban taɓa ganin wasiƙa mai daɗi irin wannan ba! Sun ce an karanta tamu a zaman amintattun gidauniya, kowa ya ji daɗi, har wata tsohuwa a cikinsu ta yi hawaye. Sun jajanta mana tsadar siminti. Sun ce in da hali a aiko musu da hoton matan suna ɗiban ruwa. Na juya takardar, na leƙa cikin ambulan. Babu izni, babu maganar izni, don ba wanda ya nema.

Na fassara wa Alhaji kalma bayan kalma, kuma wallahi da gangan na ja muryata a wurin hoton. Can ya ce wataƙila suna shawara ne, izni na biye.

Na ce, "Baba, ba abin da ke biye. Sun amsa abin da muka rubuta. Gaisuwa muka aika, gaisuwa suka maido."

"Kai dai bakinka ya hi ƙarhinka."

Na ce a bar ni in rubuta ta gaskiyar. Ya ce a dakata tukuna. Aka yi ta dakatawa, zafi yana ƙaruwa, ni ina cika ina batsewa a bayan tafireta. Na daina cin tuwon gidansa da ake kawo mana da rana, don ya san na yi fushi. Bai ma lura ba.

Ran nan da hantsi sai ga Kawu. Bai taɓa shigowa shigifar ba, kullum daga waje yake tsayawa a kira ni. Ya yi sallama ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida Alhaji. Sannan ya kwance bakin zanensa ya juye rairayi a gaban buzun Alhaji, ya tara shi da hannu ya yi ɗan tudu. Yana ɗauke hannu tudun ya baje.

Ya ce, "Alhaji, wanga shi ka riƙe da rijiyar. Iska ta juya, jiya na ga hadari gabas. Ruwa ɗaya mai ƙarhi ya ishe ta."

Alhaji ya ce, "Ka yi haƙuri, muna jiran—"

"Ni ba ni da komi sai sunana. Kai kac ce in gina."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya tashi ya fita, ko kallona bai yi ba. Alhaji ya daɗe yana duban rairayin nan. Sannan ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, "Rubuta yadda kake so. Amma kak ka karanta mani."

Na ce sai na karanta, don hannunsa ne zai hau kai. Ya juya fuska wajen bango, na karanta wa ƙeyarsa.

A layin farko na ce muna neman iznin gidauniya mu mai da kuɗi kaza daga layin albashin mai duba aiki zuwa layin siminti da ƙarfe. Na ce ba ƙari muke nema ba, jimlar kasafi tana nan yadda take. Na faɗi dalili: mai duba aiki ya tafi, ba za a ɗauki wani ba tun da rijiya ɗaya ta rage, siminti kuwa ya ƙare saboda zurfi da tsada. Na ce rijiyar tana tsaye cikin rairayi ba ɗauri, in damina ta same ta haka za ta rufta, aikin da aka riga aka biya ya tafi a banza. Na roƙi a amsa ta wayar tangaraho. Ma'aji ya zana sabon kasafi, tsohon adadi da sabo gefe da gefe, ya haɗa da bayanin abin da aka kashe zuwa ranar. Su biyun suka sa hannu. Alhaji yana ajiye alƙalami ya ce, "Yau na yi bara." Na aika wasiƙar, na kuma buga musu waya cewa tana tafe.

Wayarsu ta dawo da wuri. Sakataren gidauniya ya ce ya gane, amma taɓa layin albashi ya fi ƙarfinsa shi kaɗai, sai amintattu sun zauna, zamansu na gaba kuwa sai wata mai zuwa. Zaman da ya wuce shi ne wanda aka karanta gaisuwarmu a ciki.

Nan na koma kan Ma'aji. Na ce ga waya, sun ce sun gane, ya sa hannu a cak mu ɗauko siminti, izni ya tarar da mu a hanya. Ya ce, "Sun gane daban, sun yarda daban. Kawo mani inda sunka ce sun yarda." Na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi wa sa'an ubana ba. Na ce rijiya za ta rufta yana zaune a kan kuɗi kamar kaza a kan ƙwai. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ya taɓa kuɗin nan, masu binciken asusu suka zo, gidauniya tana da ikon ta ce a maido, ta kuma rufe ƙofa, ba Gidan Dare kaɗai ba, duk unguwar da ke sa ran rijiya nan gaba. Ya ce shi amana aka ba shi, ba dabara ba. Na fita na bar masa shigifar. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau kuma ban samo inda ya yi kuskure ba.

Alhaji ya yi abin da zai iya. Dukiyarsa duk tana cikin hatsi da ya ba manoma sai kaka, amma ya karyar da abin da ke rumbu ya sayi siminti da kuɗinsa, ya san kuma ba mai maido masa. Bai kai ko rabin rairayin ba. Kawu ya ɗaure iyakar inda ya kai, ya tada ƙasa kewaye da bakin rijiyar, ya rufe ta da itace da zana, ya hana kowa shiga. Kullum yana can zaune a gindin wata bishiyar bedi yana kallon gabas.

Ruwan farko yayyafi ne, rijiyar ta tsira. Na biyu ya sauko ran wata Laraba bayan azahar, irin wanda ke cika kwararo kafin ka nemi mafaka. Da ya ɗauke na hau keke na tafi. Tun daga nesa na hango mutane tsaye. Ruwa ya bi ta gefe ya jiƙa rairayin ƙasa, ya zube, simintin sama ya rasa abin da zai zauna a kai, ya karkace ya tsage. Ba kowa a ciki, alhamdu lillahi. Kawu yana tsaye a bakin ramin, rigarsa sharkaf. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ashe rijiyar mutumin Kwalkwalawa ma tana ruhtawa." Ya ji ta. Kafin sati maganar ta kai kasuwa.

Shi da mutanensa suka cike ramin don kada yara su faɗa. Ya kawo igiyarsa da ƙugiya da guga ya ajiye a shigifarmu, ya ce zai aiko a ɗauka, ya koma gida.

Izni ya zo damina ta yi nisa, gari ya fara shirin bikin mulkin kai, ana ta ɗinkin tutoci ana koya wa 'yan makaranta maci. Wayar ta riga zuwa, wasiƙar ta biyo. Sun yarda da duk abin da muka nema. A ƙasa sakataren ya ƙara da alƙalaminsa cewa ya yi baƙin ciki ba mu ambaci wannan a wasiƙar farko ba, da tun a wancan zaman aka gama.

Na fassara wa Alhaji har da wannan, ban rage masa komai ba. Ya sa aka ɗaura wa dokinsa sirdi ya tafi Gidan Dare, ya tara mai unguwa da dattawa, ya ce musu laifin nasa ne, magini ba shi da laifi, shi ne ya ce a gina. Suka ce Allah ya sa haka ya fi alheri, suka yi masa godiya. Da ya tashi tafiya mai unguwa ya raka shi, ya ce masa a hankali, in za a sake ginawa, jama'a sun fi son a nemo wani. Ba wai don komai ba, hankalin mata ne ba zai kwanta ba.

Sai da muka sake rubuta wata wasiƙar, ta sanar da su rijiyar ta rufta, da neman a ƙara mana lokaci zuwa bazara mai zuwa, don wa'adin aikin ya kusa cika. Wannan karon Alhaji da kansa ya ce, "Fara da abin da muke so. Gaisuwa ta zo daga baya." Suka yarda.

Ni na kai wa Kawu labari. Na same shi a fadama cikin shinkafarsa, ruwa har ƙwauri. Ya fito ya zauna a kan kunya, na zaro takardar iznin, don na ga ya kamata ya ji da kunnensa. Na karanta masa da Hausa.

Ya ce, "Sake."

Na sake.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Ba su yi hushi ba da anka tambaye su?"

"Ko kaɗan."

Ya jinjina kai. Ya tsinki ciyawa yana murzawa a hannu. Sai na gaya masa maganar mai unguwa, don gara ya ji daga bakina. Na yi tsammanin zai yi faɗa, har na shirya taya shi. Bai yi ba. Ya tambaye ni wa za a kira, na faɗa masa, ya ce yaron ya iya aiki, amma a gaya masa kada ya sa dagi a ƙasa sai ya ga buhunan siminti jibge a bakin wurin da idonsa.

Na ce ai wasu garuruwan za su aiko, mutane suna mantuwa. Ya dube ni kamar na faɗi maganar yara. Tun da damina ta fara, ya ce, ba wanda ya aiko, alhali a da war haka an riga an kama shi har bazara biyu.

Na miƙe zan hau keke, na ce masa kayansa suna nan a shigifa, ko in sa a kawo masa ran kasuwa.

Ya riga ya koma cikin ruwa. Bai juyo ba ya ce, "Igiyar sabuwa ce. A ba wanda za shi gina."